Yadda ake ƙara wa ɗalibi makin gyara ba tare da maki ya tsallake iyakarsa ba

Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya taɓa yin wannan alkawarin a gaban aji: wanda ya warware tambayar da ke kan allo yana da maki biyar. Faɗin alkawarin ba wuya, wuyar tana ƙarshen zango, lokacin da aka zauna haɗa sakamako sai ka tarar yarinyar da ta fi kowa warware tambayoyin nan dama tana da 38 cikin 40. Ka ƙara mata biyar ɗinta ta koma 43, alhali a saman layin an rubuta 40 ɓaro-ɓaro. Jami'in jarrabawa zai dawo maka da takardar, in kuwa makarantar tana da fotal na ɗora sakamako, mai yiwuwa ya ƙi karɓar lambar gaba ɗaya.

Ni ina kiran irin wannan ƙarin makin gyara, kamar gyaran da mai awo ke yi maka bayan ya cika mudu. Sai dai a nan mudun shafe shi ake yi, ba a barinsa da tozo. Abin da zan nuna shi ne yadda nake yi a Excel zango bayan zango, da yadda ake yi da biro da takarda in babu kwamfuta.

Misalin da za mu bi shi ne tsarin da makarantun sakandare da dama ke amfani da shi: makin gwaje-gwajen cikin zango, wanda muke kira si-e, yana da 40, jarrabawar ƙarshe tana da 60. Arba'in ɗin na kasa ta uku: gwaji na farko 15, gwaji na biyu 15, aikin gida 10. In naku 30 da 70 ne, lambobin kawai za ka canja.

Kayan aiki

Kwamfuta mai Excel, ko Google Sheets ko da a waya ne, domin duk fomulolin da ke ƙasa suna aiki a duka biyun. Takardun makinka na asali, waɗanda ka rubuta da hannu ranar da ka duba gwaji. Kwafin takardar sakamakon makarantar, ko hoton shafin fotal, don ka ga da idonka gida nawa aka ware wa si-e da iyakar kowanne. Sai ƙaramin littafi wanda ba ka rubuta komai a ciki sai gyara: kwanan wata, sunan ɗalibi, abin da ya yi, maki nawa. Kada ka raina littafin nan. Ranar da uba ya zo yana tambayar dalilin da ɗan maƙwabcinsa ya samu huɗu nasa ɗan bai samu ko ɗaya ba, shi za ka buɗe.

Mataki na 1: yanke hukunci uku kafin ka taɓa kwamfuta

Na farko, wane ɓangare ne gyaran zai shiga? Ni si-e kaɗai nake sa wa. Jarrabawar ƙarshe takarda ce da wani zai iya ɗaukowa ya sake ƙirga makinta, don haka abin da ke jikin takardar ya kamata ya zama shi ne a sakamako.

Na biyu, nawa ne iyakar gyaran kansa? Biyar cikin arba'in ya isa. Idan makarantarku tana bin matakan da aka saba gani a sakamakon WAEC, daga B2 zuwa E8 kowane mataki faɗinsa maki biyar ne: 70 zuwa 74 B2, 65 zuwa 69 B3, haka har 40 zuwa 44 E8. Ke nan gyaran da bai wuce biyar ba yana iya ɗaga yaro mataki ɗaya, ba zai ɗaga shi biyu ba. In ka ba da goma, yaron da ke D7 yana iya tsallake C6 ya sauka C5, kuma wannan ya wuce gyara.

Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa: in mudu ya cika, ina rarar za ta? Zubewa za ta yi, ko za ta gangara wani gida? Ka yanke, ka sanar da shugaban sashe, sannan ka faɗa wa ajin tun makon farko cewa gyara cike giɓi yake yi, ba ya wuce 40. Yaran da suka fi ƙoƙari su ne rararsu ke zubewa, kuma gara su ji daga bakinka tun farko da su gano a takardar sakamako.

Mataki na 2: shirya takardar

A layin farko rubuta kawunan gidaje. A sunan ɗalibi, B gwaji na farko, C gwaji na biyu, D aikin gida, E gyaran da ɗalibi ya tara, F gyaran da aka amince da shi, G si-e na ƙarshe, H jarrabawa, I jimla, J abin da ya zube. Can gefe, a M1 rubuta 40, a M2 rubuta 5, ka sa bayaninsu a L1 da L2 don kada wani ya goge su yana zaton tarkace ne.

Ƙa'idar da duk aikin ya tsaya a kanta ita ce kada ka taɓa zuba gyara a cikin gidan makin asali. Idan yaro ya ci 9 a gwaji ka ba shi gyara 4, kada ka goge 9 ka rubuta 13. Da zarar ka yi haka ka rasa sanin abin da ya ci da kansa, kuma bayan mako biyu ba za ka tuna ko ka riga ka ƙara ba, sai ka sake ƙarawa. Tara tana zama a B, huɗu tana zama a E, fomula ce ke haɗa su.

Ga ɗalibai huɗu da za mu yi aiki da su. Ta layi na 2 tana da 14, 15 da 9, wato 38, gyaranta 5. Na layi na 3 yana da 9, 8 da 7, wato 24, gyaransa 4. Na layi na 4 yana da 13, 13 da 10, wato 36, gyaransa 5. Ta layi na 5 tana da 11, 12 da 8, wato 31, ba ta yi aikin gyara ko ɗaya ba, don haka gidanta na E babu komai.

Mataki na 3: taƙaita gyaran kansa

A F2 rubuta wannan, sannan ka ja shi ƙasa har ɗalibi na ƙarshe:

```
=MIN(N(E2),$M$2)
```

MIN yana duba lambobin da ka ba shi ya ɗauki ƙaramar. In ɗalibi ya tara 7, ƙarama tsakanin 7 da 5 ita ce 5. In ya tara 4, huɗun ce za ta fito. Alamar dala da ke jikin M2 tana riƙe gidan ne a wuri ɗaya. In ka manta ta, da ka ja fomular ƙasa za ta koma M3, M4, gidajen da babu komai, kuma iyakar ta tashi aiki ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Yanzu ga dalilin wannan N da ke kewaye da E2, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Wani zango na rubuta fomular a sauƙaƙe, MIN na E2 da M2 kawai. Na duba layuka uku na farko na ga daidai, na ja ƙasa, na miƙa. Kwana biyu bayan haka malamin ajin ya same ni a ofishin malamai da takardar a hannu ya ce, "Malam, yaran nan duka suka yi maka aikin ƙarin ne? Na ga har wanda ya yi rabin zango a gida yana da biyar." Abin da ya faru shi ne MIN ba ya ɗaukar gidan da babu komai a matsayin sifiri, tsallake shi yake yi. Da ya tsallake E, lamba ɗaya ta rage masa, wato 5, sai ya ba da ita. Duk wanda bai yi komai ba ya samu cikakken gyara, waɗanda suka yi ƙoƙari suka samu biyu ko uku kuma aka bar su da biyunsu da ukunsu.

Dubi ɗalibar layi na 5. Si-e ɗinta 31 ne, ta ci 40 a jarrabawa, jimla 71, B2. Da waccan fomular si-e ɗinta zai zama 36, jimla 76, A1. Babu abin da zai yi ja a allo ya gargaɗe ka. N yana mayar da gidan da babu komai, ko mai rubutu kamar "bai zo ba", ya zama sifiri, shi ke nan MIN ya samu lambobi biyu na kwatantawa. In ka fi so, kana iya cike duk gidajen E da sifiri da hannunka, amma wata rana za ka manta ɗaya, don haka ka bar N a wurinsa.

Mataki na 4: haɗa si-e ka shafe mudun

A G2:

```
=MIN(SUM(B2:D2)+F2,$M$1)
```

Ɗalibar layi na 2: 38 da 5 sun ba da 43, ƙarama tsakanin 43 da 40 ita ce 40. Na layi na 3: 24 da 4, 28, bai kai iyaka ba, ya tafi da abinsa duka. Na layi na 4: 41 ta koma 40. Ta layi na 5 tana nan a 31.

Jimla a I2, abin da ya zube a J2:

```
=SUM(G2:H2)
=SUM(B2:D2)+F2-G2
```

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin malamai shi ne su sa iyakar a kan jimla, su ce kada ta wuce 100. Wannan ba ya kama komai sai a hannun yaron da ya kusa cinye jarrabawa. Ɗalibar layi na 2 in ta ci 45 a jarrabawa, 43 da 45 sun ba da 88, bai kai ɗari ba, ya wuce lafiya, alhali 85 ne haƙƙinta kuma gidan si-e yana ɗauke da 43 cikin 40. A ɓoye an mayar da rabon makin 43 da 60 ga wasu yara, 40 da 60 ga sauran. Iyaka a kan ɓangaren da gyaran ya shiga ake sa ta. In kowane ɓangare ya tsaya a iyakarsa, jimla ba ta da hanyar wuce ɗari.

Gidan J ba ya zuwa ko'ina, naka ne. Ta layi na 2 uku suka zube mata, na layi na 4 ɗaya. Idan ka ga rabin aji suna da rara a J, gwaje-gwajenka sun yi sauƙi ko gyaran ya yi yawa. Kuma da shi nake rubuta wa yaro yabo a gidan bayanin malami, tunda makin bai samu wurin zama ba.

Ka kuma lura da na layi na 3. A ce ya ci 24 a jarrabawa. Ba gyara yana da 48, D7. Da gyara yana da 52, C6, ya shiga sahun masu kiredit. Irin wannan layin ne za a tambaye ka a kansa, shi ya sa kowane maki a E yake buƙatar kwanan wata da dalili a littafi.

Mataki na 5: in takardar makaranta ta raba si-e gida-gida

Wasu takardun ba su da gida ɗaya na 40. Suna da na 15, na 15, na 10, kowanne da iyakarsa, kuma babu gidan gyara. A nan sai ka raba gyaran cikin giɓin da ke akwai, kamar mai zuba ruwa a tulu: in na farko ya cika ka matsa na biyu. Buɗe sababbin gidaje uku, O, P da Q, ka bar B, C da D yadda suke.

```
=MIN(N(B2)+F2,15)
=MIN(N(C2)+F2-(O2-N(B2)),15)
=G2-O2-P2
```

Ta farko a O2 take, tana cike gwaji na farko. Ta biyu a P2, tana cire abin da aka riga aka kashe a O daga gyaran ta zuba saura a gwaji na biyu. Ta uku a Q2 ba ta da wani aiki sai ɗaukar abin da ya rage daga si-e na ƙarshe.

Gwada da na layi na 4. Sha uku ta farko tana da giɓin biyu, ta zama 15, saura uku. Sha uku ta biyu ta sha biyu, ta zama 15, saura ɗaya. Aikin gida dama 10 ne, babu wuri, ɗayan ya zube. An samu 15, 15, 10, daidai da 40 da ke G. Na layi na 3 kuwa duk huɗunsa sun shige gwaji na farko: 13, 8, 7.

Akwai malamai da ke cewa gyaran da aka samu a gwaji na farko ya tsaya a gwaji na farko, in ya cika rarar ta zube ko da akwai giɓi a na biyu. Wannan ma hanya ce, fomular O kaɗai za ka yi amfani da ita, sannan G ta zama haɗin O da C da D. Ni ban cika sonta ba, don tana hana yaro abin da ya yi wa aiki alhali akwai wurin zuba shi. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne rarar si-e ta gangara cikin jarrabawa.

Mataki na 6: in gwajin a kan wata lamba ka duba shi

Sau da yawa muna shirya gwaji a kan 50 sannan mu mayar da shi kan 15. A nan akwai tambaya da dole ka amsa wa kanka: biyar ɗin da ka yi alkawari, biyar ce ta ma'aunin 50 ko ta ma'aunin 15? Bambancin ba kaɗan ba ne. Biyar cikin 50 in aka mayar da ita kan 15 maki ɗaya da rabi ce. Biyar da aka zuba bayan an mayar kuwa kashi ɗaya cikin uku ce ta gwajin gaba ɗaya.

Idan tambayar ƙarin a jikin takardar gwajin take, to ma'aunin takardar take bi. A haɗa, a shafe a 50, sannan a mayar. A ce makin asali yana S2, na tambayar ƙari yana T2:

```
=ROUND(MIN(N(S2)+N(T2),50)/50*15,0)
```

Yaro ya ci 48 ya kuma samu biyar ɗin ƙari, 53. Ba tare da shafewa ba lissafin zai ba da 15.9, a cike ta zama 16 cikin 15. Da shafewa 15 ce cif. Kuma kada ka raba da 55 da sunan cewa takardar yanzu tana da maki 55. In ka yi haka tambayar ta daina zama gyara ta zama wajibi: wanda ya cinye 50 bai taɓa ta ba zai sauko zuwa 13.6, ka hukunta shi a kan abin da ka ce masa ganin dama ne.

Cike lamba kuma sau ɗaya ake yi, a wurin da makarantar ke buƙatar cikakkiyar lamba. In takardar tana son si-e ne kawai, bar gutsattsarin su taru ka cike a G. Cikewa a kowane gida tana iya tara wa yaro maki ɗaya ko fiye da babu wanda ya ba shi.

Mataki na 7: binciken da ba a tsallakewa

MIN yana da wani aibi: yana rufe kuskuren hannu. A ce kana sauri ka buga 51 a maimakon 15 a gwaji na biyu. Da babu iyaka, si-e zai fito 70 da wani abu, idonka ya kama nan take. Da iyaka kuwa zai fito 40 lafiya lau, kamar yaron ya cinye. Saboda haka gidajen asali nake bincika, ba na tsayawa a G. A ƙasan kowane layin tsaye, in ajin ya kai layi na 61:

```
=MAX(B2:B61)
=COUNT(B2:B61)
```

Ta farko kada ta wuce 15 a B da C, 10 a D, 60 a H. Ta biyu tana ƙirga gidajen da ke da lamba ta gaskiya, sai ka kwatanta da yawan waɗanda suka rubuta gwajin. In ta gaza, akwai makin da aka manta, ko lambar da kwamfuta ke ɗauka a matsayin rubutu. Irin wannan tana faruwa in ka kwafo maki daga saƙon waya. Za ka gane ta don tana jingina hagu a gidanta alhali sauran suna dama, wani lokaci da ɗan koren tabo a kusurwa. SUM yana tsallake ta, N yana mayar da ita sifiri, yaro ya yi asarar makinsa shiru. Sake buga ta da hannu ya wadatar.

Don rigakafi, zaɓi gidajen B2 zuwa C61, ka shiga Data, ka danna Data Validation, a Allow ka zaɓi Decimal, ka sa tsakanin 0 da 15. Daga nan in ka buga 51 zai ƙi. Amma ka sani wannan shingen abin da aka buga da hannu yake tarewa, abin da aka kwafo aka liƙa yana wuce shi, don haka binciken MAX yana nan daram.

Sannan ka jera takardar bisa gidan J ko ka bi ta da ido: duk wanda ke da rara a J dole G ɗinsa ya zama 40. In ka ga rara mai girma, goma ko ashirin, ba gyara ba ne, kuskuren bugu ne.

Matsalar kunnen doki, da wata hanyar

Shafe mudu yana da illa ɗaya da ba ta da magani a cikinsa. Mai 38 da mai 36 duk sun koma 40, sun kuma yi daidai da wanda ya ci 40 da guminsa ba gyara. A makarantar da ake rubuta na ɗaya da na biyu a takardar sakamako, wannan yana iya canja wanda zai karɓi kyauta ranar rufe zango.

In abin ya dame ka, akwai hanyar da gyara ke cike wani kaso na giɓin da ya rage wa ɗalibi, maimakon a ba shi lamba tsayayya. Misali cikakken gyara ya cike kwata na giɓin. A G2 sai ka sa wannan a madadin ta mataki na 4:

```
=ROUND(SUM(B2:D2)+F2/$M$2*0.25*($M$1-SUM(B2:D2)),1)
```

Mai 38 giɓinta biyu ne, kwatansa rabin maki, ta zama 38.5. Mai 36 giɓinsa huɗu, ya zama 37. Mai 24 giɓinsa 16, kwatansa huɗu, amma tunda huɗu cikin biyar na gyaran ya samu, 3.2 zai karɓa, ya zama 27.2. Babu wanda zai taɓa wuce 40 tunda daga giɓi ake ɗiba, kuma tsakanin masu gyara iri ɗaya wanda ke gaba yana nan gaba. Na gwada ta zango ɗaya na koma tsohuwar, ba don lissafin ya gaza ba. Yaro ɗan aji ɗaya da ka ce wa biyar, ya ga rabin maki, ba ka da bakin yi masa bayani, balle mahaifiyarsa. Ga manyan ɗalibai da aka yi wa bayani tun farko tana aiki sosai. In ka ɗauke ta, gidan J da rabon mataki na 5 ba su da sauran amfani yadda suke, kuma kada ka furta adadin maki a aji, ka ce gyara yana cike kwata na abin da ya ɓace. Hanya mafi sauƙi ga mai son tsohuwar kuma ita ce a roƙi malamin aji ya raba kunnen doki da makin asali, wanda dama yana nan a B zuwa D ba a taɓa shi ba.

In babu kwamfuta, ko kwamfutar ta Faransanci ce

Da takarda, ja layuka uku da fensir a gefen rajistar maki: giɓi, gyara, abin da aka ba da. Giɓi shi ne 40 a cire makin asali. Abin da aka ba da shi ne ƙarami tsakanin giɓi da gyara. Mai 38 giɓinta 2, gyaranta 5, a ba ta 2. Mai 24 giɓinsa 16, gyaransa 4, a ba shi 4. Fara fitar da giɓin ya fi a haɗa sannan a rage, domin a aji mai yara sittin da dare ya yi hannu yana rubuta 43 kafin kai ya ankara. Sai ka gama ajin duka ka bi da biro.

Malaman Nijar da ke ba da maki a kan 20 za su sa 20 a M1, gyaran kuma ɗaya ko biyu, tunda biyar cikin ashirin kwata ce guda. Idan Excel ɗin na Faransanci ne, SUM sunansa SOMME, ROUND kuma ARRONDI, COUNT kuma NB, 0.25 ana rubuta ta 0,25, MIN da MAX da N ba su canja ba, sannan ana raba sassan fomula da waƙafi mai ɗigo:

```
=MIN(SOMME(B2:D2)+F2;$M$1)
```

Mataki na 8: miƙawa

Kada ka kwafi gidan G kai tsaye zuwa takardar jami'in jarrabawa. Fomular ce za ta tafi, ta je can tana neman M1 da babu shi, ta fito da kuskure ko, mafi muni, da lambar da ba a shafe ba. Kwafa, sannan a wurin liƙawa ka zaɓi Paste Special, ka danna Values, lambobin kaɗai su sauka. Bayan sun sauka ka sake yin MAX a can, ka kuma ɗauki sunaye biyar, na farko da na ƙarshe da uku a tsakiya, ka kwatanta da takardarka, don jerin sunayen ofis ba kullum yake daidai da naka ba, musamman in an ƙara sabon ɗalibi a tsakiyar zango.

Takardarka mai fomula ka ajiye kwafinta da sunan aji da zango da shekara. Zango mai zuwa ka goge abin da ke B zuwa E da H kawai, ka bar sauran. Kafin ka zuba makin gaske, cike layi ɗaya da 15, 15, 10 da gyara 9 ka ga ko 40 ta fito, sannan ka bar E na layi na gaba babu komai ka tabbatar F ya nuna sifiri.